Awon Rigar Yaya

Wata takwas Auta ta yi tana koyon ɗinki kafin a ba ta aikin da yake nata na kanta. Kafin nan abin da take yi a shago bai wuce kalmasa bakin siket, sa zif da guga ba. Shekararta talatin da huɗu, ta fi duk masu koyon shekaru, don sai da kamfanin sabulun da take wa aiki ya rufe sannan ta zo ta zauna a kan keken ɗinki. Yayarta ce ta kamo hannunta ta kawo ta wajen matar da ke da shagon, ta ce, "Ga ta nan. Hannunta na da kyau, zuciyarta ce ke da tsoro."

Yaya malamar firamare ce, shekara goma sha tara tana koyar da aji uku. A farkon shekarar aka gano tana da ciwon daji a nono, aka cire na hagu, aka kwashe kaluluwar hammata. Tun daga nan ba ta koma aji ba. Kullum tana cikin manyan riguna marasa siffa da ƙaton mayafi, ko a tsakar gida.

Wata ranar Asabar Auta ta je gaishe ta, sai Yaya ta jawo wata leda daga ƙarƙashin gado. Yadi ne shuɗi mai duhu, yadi uku, da ta saya tun kafin ciwon.

"Ranar rufe makaranta za a yi taron ba da kyaututtuka," in ji Yaya. "Sun ce in zo in miƙa wa 'yan ajina. Saura mako biyar. Ina so ki ɗinka min riga mai kama jiki, irin wadda nake sawa a da."

"Yaya, ni? Bari dai in kai wa uwar ɗakina."

"Da ita nake so da na kira ta. Ba zan tuɓe a gaban kowa ba, Auta. Likitoci sun ishe ni. Na gaji da shiga buhu, kowa ya gan ni sai ya karkata kai ya ce sannu. So nake yaran nan su ga malamarsu."

Auta ta karɓi ledar.

Ranar Litinin ta gaya wa uwar ɗakinta, mai shagon. Matar doguwa ce mai tabarau a kan hanci, ba ta da yawan magana, tef ɗin awo kuwa ba ya barin wuyanta ko abinci take ci. Ta ce, "Riga mai kama jiki ba a yanka ta da ka. Sai kin fitar da fatan, wato zanen rigar, a takarda tukuna, na saman jiki, daga wuya zuwa ƙugu. In wannan ya zauna, hannu da siket wasa ne. In bai zauna ba, ko zinariya kika liƙa a banza." Ta rubuta mata jerin awon da za ta ɗauko a bayan wata tsohuwar kalanda.

Washegari da hantsi, bayan mijin Yaya ya tafi aiki, suka rufe ƙofar ɗaki. Yaya ta tsaya a gaban taga ta cire riga.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya," ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Auta ba ta taɓa ganin wurin ba. Tabo ne dogo, ya taso daga tsakiyar ƙirji ya shige hammata, fatar gefensa ta yi duhu tana sheƙi saboda gashin da ake mata da na'ura a asibiti. Ta duƙar da kai ta shiga neman fensir, alhali yana hannunta.

Ta fara ɗaura siririyar igiya a ƙugun Yaya, inda jiki ya fi tsukewa, don duk awon tsawo nan zai tsaya. Ƙugu inci talatin da ɗaya. Kafaɗa zuwa kafaɗa ta baya sha biyar. Daga ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya in an sunkuya zuwa igiya, sha shida. Damtse sha ɗaya. Sai ta zo ƙirji. Ta zagaya tef ta kan nonon dama, ta tabbatar bai zame ta baya ba, amma ta hagu sai ya kwanta a kan haƙarƙari. Talatin da shida. Tsawon gaba, daga kafaɗa kusa da wuya, ta kan nono zuwa igiya, ta dama sha takwas. Ta hagu sha shida da rabi. Layi na ƙarshe a bayan kalandar ya ce: tsakanin kan nono da kan nono. Auta ta tsaya tana kallon rubutun.

"Me ya rage?" in ji Yaya.

"Babu. Mun gama."

A shago ta shimfiɗa takarda mai ruwan ƙasa a kan teburin yanka, ta yi yadda aka koya mata. Ta ja miƙaƙƙen layi a gefe, shi ne tsakiyar gaba. Ta auna rabin kafaɗa, bakwai da rabi, ta sauke shi inci ɗaya don gangaren kafaɗa. Wuya uku a faɗi, uku a zurfi. Zurfin hammata ta raba ƙirji gida shida ta ƙara ɗaya da rabi, ya ba ta bakwai da rabi. A kan wannan layin ta sa kwatan ƙirji, inci tara, da rabin inci na sakewa don mutum ya yi numfashi. A ƙugu ta sa kwatan ƙugu da inci ɗaya na dat, wato tsinin da ake naɗewa a ɗinke don yadi ya bi lanƙwasar jiki. Bambancin tsawon gaba da na baya inci biyu ne, shi ta mayar dat na gefe, ta tsayar da bakinsa inci ɗaya kafin kan nono. Ta ɗauko lanƙwasasshiyar rula ta fitar da ramin hannu. Zanen ya fito tsaf, har ɗaya daga cikin masu koyon ta leƙo ta ce, "Kai, Anti Auta an zama injiniya."

Uwar ɗakin ta zo ta duba ta saman tabarau, ta duba takardar awo, ta daɗe.

"Lissafinki daidai ne," ta ce. "Amma rabin mutum kika zana. Wannan takardar a kan ninki ake ɗora ta, a yanka, a buɗe, hagu ya fito kamar dama. Yayarki haka take?"

Auta ta girgiza kai.

"Talatin da shidan nan ba na kowane ɓangare ba ne. Dama ya fi kwatansa, hagu bai kai ba. In kika yanka haka, dama zai matse ta, hagu ya yi aljihu. Hanya biyu ce. Ko ta sa abin ciko a rigar mama ki sake aunawa a kai, ko ki zana gaban gaba ɗaya, kowane gefe da awonsa."

Yaya ta ce ba za ta iya ciko ba. Ta gwada sau ɗaya, rigar mama ta goge mata ƙunar, kwana uku tana ruwa. Don haka Auta ta sake ɗaura igiya, ta auna daga tsakiyar ƙirji zuwa gefe: dama goma, hagu takwas da kwata. Ta zana gaba cikakke, dama da dat ɗinsa na inci biyu, hagu da ɗan ƙarami na rabin inci. Takardar ta fito a karkace kamar an taka ta. Ta ɗora a kan akoko, ta bar rarar ɗinki a kowane gefe tunda fatan ba ya ɗauke da ita, ta yanka, ta harhaɗa rigar gwaji da manyan ɗinki.

Rigar gwajin ta zauna. Kafaɗa ta kwanta, hammata ba ta ja ba, ƙugu ya sauka daidai kan igiya. Auta ta ja baya, karo na farko tun da aka fara ta ji daɗi a ranta. Yaya ta juya ta fuskanci madubin jikin kwaba. Ta kalli dama, ta kalli hagu. Yadin ya bi jikinta bai ɓoye komai ba.

"Kin iya ɗinki," ta ce a hankali. "Cire min."

"Yaya, ai gwaji ne, za a iya..."

"Cire min, Auta."

Auta ta zare fil-fil ɗin bayan, ɗaya ya soke ta a yatsa ba ta ma ji ba sai da ta ga jini a akoko. Yaya ta mayar da babbar rigarta ta kwanta ta juya wa ɗakin baya. Auta ta zauna a bakin gado da rigar gwajin a cinya. Ta yi abin da aka ce ta yi, ta yi shi daidai, daidai ɗin ne kuma ya yi ciwo.

A hanya ta haɗu da mijin Yaya yana dawowa da ledar magani. Mutum ne mai sanyi, direban motar ma'aikata. Ya ga fuskarta ya ce, "Ƙanwata, in abin zai wahalar da ku a bar shi mana. In sayo mata ta kanti."

"Ta kanti ta mai gefe biyu ce," in ji Auta.

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya shige.

Uwar ɗakin ce ta kawo dabara ta uku. A zana hagu daidai da dama, amma a yi aljihu a cikin shafin rigar, wato yadin da ake sa mata ta ciki, a cusa masa auduga mai laushi marar nauyi, yadda rigar ce za ta riƙe cikon ba fatar Yaya ba. Shafin kuma a yi shi da yadin auduga da aka wanke ya yi laushi, kada ɗinki ko ɗaya ya bi ta kan tabon. Auta ta sake sayen takarda. Wannan karon ta ɗauki awon dama kawai, ta zana rabi, ta yanka a kan ninki. Kwana huɗu ta yi tana gyara cikon, ta ƙara, ta rage, tana gwada shi a tafin hannu kamar mai auna tumatir.

Da ta koma gwaji na biyu, saura mako biyu da rabi. Yaya ta saka, ta kalli madubi, ba ta ce a cire ba. Ta ɗan gyara tsayuwa, ta ɗaga haɓa.

"Wannan na hagun ma ya fi na Allah tsayuwa," ta ce. "Rage shi kaɗan kada a ce na yi sabon aure."

Suka yi dariya har Yaya ta dafe ƙirji. Amma Auta ta riga ta ga abin da ya hana dariyarta nisa. Rigar tana lilo a ƙugu. Ta tsunkule yadin a gefe, ya cika mata yatsu. Ta ɗauko tef: ashirin da tara. Ramin hannun hagu kuwa ya cije naman Yaya har ya yi zobe. Ta auna damtsen hagu: sha uku. Na dama kuwa bai ma cika sha ɗayan da ba, ya ɗan ragu.

"Na yi kuskuren awo ne?" ta ce, tana duba bayan kalanda.

"Ba ki yi ba. Hannun ne ke kumbura. Likita ya ce tunda an kwashe kaluluwar, ruwa ba ya samun hanyar wucewa. Abinci kuma ba ya shiga. Kullum ƙanin babanmu na cewa na cika ƙiba, to ga shi na huta da gorinsa."

Auta ta koma ta gyara takarda. Ta ƙara faɗin dat na ƙugu, ta shigar da gefe. Ta sauke ramin hannun hagu da rabin inci, ta zana hannu biyu daban, na hagu ya fi faɗi, ta bi bakin kowanne da tef ta tabbatar zai shiga raminsa. Bayan mako guda ta sake aunawa. Ƙugu ashirin da takwas. Damtse sha huɗu. Takardar ta cika da layuka, na fensir, na jan biro, na shuɗi, har ita kanta sai ta bi da yatsa kafin ta gane wanne ne na yau.

Ta tsaya a gaban uwar ɗakinta da takardar a hannu. "Anti, ki gaya min abin da zan yi. Duk ranar da na gama, sai in tarar jikin ya tashi daga inda na bar shi."

Matar ta cire tabarau ta goge da bakin zane. "Shekara talatin ina wannan aiki. Na yi wa mai ciki, na yi wa mai ƙusumbi. Mai ciki na san inda za ta kai wata mai zuwa. Wannan ban sani ba." Ta mayar da tabaran. "Ki jinkirta yanka iya yadda za ki iya. In kin yanka, ki bar rara mai yawa a gefe da hannu. Iyakar abin da na sani ke nan."

Yadin shuɗin yana ninke a kan shiryayye, Auta na wucewa ta gabansa sau ashirin a rana. Yadi uku ne cif, in ta ɓata babu na sakewa, ta zaga kasuwa ba ta sami irinsa ba. Ranar Laraba, saura kwana uku, ta yi awo na ƙarshe, ta shimfiɗa shi, ta danne takardun da fil, ta zagaye da alli. Ta bar inci ɗaya da rabi a gefuna, inci biyu a ƙarƙashin hannun hagu. Ta riƙe almakashi ta kasa sa shi. Uwar ɗakin ba ta karɓa ba, ta dai zo ta dafe ƙarshen yadin da tafin hannu don kada ya zame. Auta ta yi bisimilla ta yanka.

Ranar Juma'a da yamma rigar ta kammala, da siket ɗinta a haɗe a ƙugu da zif a baya. Yaya ta gwada, hannun ya shiga da ƙyar amma ya shiga. Auta ta tafi da ita gida ta goge.

Asabar da safe ta iso ƙarfe bakwai da rabi, taro ƙarfe goma. Ta tarar da Yaya zaune a bakin gado ta ɗora hannun hagu a kan matashi. Ya kumbura har zuwa yatsu, fatar ta yi tauri tana ƙyalli. Suka gwada. Hannun rigar ya tsaya a gwiwar hannu, ko gaba ko baya. Yaya ta cije leɓe, gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Ja," ta ce.

"Ba zan ja ba, zan ji miki ciwo."

"To shi ke nan. Miƙo min buhuna." Muryarta ba ta da fushi, gajiya ce kawai. "Kin yi iya yinki."

Mijin yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya kalli wannan ya kalli waccan, ya fita tsakar gida.

Auta ta zauna a ƙasa ta ɗauko reza. Ta farke ɗinkin ƙarƙashin hannun tun daga wuyan hannu har hammata, ta ci gaba inci uku a gefen rigar. Ta saka wa Yaya rigar a buɗe, ta ja zif, ta naɗo hannun rigar a kan kumburin. Rarar inci biyun da ta bari duk ta tafi, bakin yadi ya sadu da bakin yadi da ƙyar, abin da ya rage bai fi faɗin farce ba. Ta zare allura ta fara ɗinkewa a jikin Yaya, ɗaya bayan ɗaya, ta sa yatsanta tsakanin allura da fata, don likita ya ce ko ƙwarzane kada hannun ya samu. Sau biyu allurar ta shiga yatsan nata. Minti arba'in aikin ya ɗauka, ana cikin yi Yaya ta ce, "Kada ki ɗinke ni da katifa."

"Ba zai jure ɗaga hannu ba," in ji Auta da ta ƙulle zaren. "Da hannun dama za ki miƙa komai."

A makaranta an jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Auta ta zauna can baya, allura da zare a cikin jaka. Da aka kira Yaya, yara suka tashi da ihu, "Malama! Malama!" Ta taka a hankali, a miƙe, mayafinta ɗan ƙarami a kafaɗa. Daga nesa rigar ta zauna kamar da ita aka haife ta. Auta ba ta ga wannan ba sosai. Idonta na kan hammatar hagu, tana ƙirga duk motsi. Wata yarinya ta rungume Yaya ta gefen ciwon, Auta ta miƙe tsaye ba ta sani ba, ta ga fuskar Yaya ta yamutse ta koma ta saki. Yara goma sha biyu aka kira. A na tara Yaya ta dafa tebur. Shugaban makarantar ya turo mata kujera, ta ƙarasa sauran ukun a zaune.

Ba su jira ƙarshen taro ba. A mota Yaya ta jingina kai da gilashi, idonta a rufe, numfashinta gajere. Mijin yana tuƙi a hankali yana kauce wa ramuka. Da suka isa gida shi ya tallafe ta har ɗaki.

Hannun ya ƙara cika, zaren ya nutse a yadi, yadin ya nutse a nama. Auta ta durƙusa da ƙaramin almakashi tana tsinke ɗinkin ɗaya-ɗaya. Duk wanda ta tsinke sai yadin ya buɗe da kansa, ya bar sawunsa ja a fata.

"Wata uwa ta tambaye ni wa ya min ɗinki," in ji Yaya, idonta a rufe. "Na ce ƙanwata. Ta ce za ta zo shago."

Auta ta zare hannun rigar, ta ɗaga na Yaya da hannu biyu ta ɗora a kan matashi, ya yi nauyi da zafi kamar ba na mutum ɗaya da ɗayan ba.

"Litinin za mu koma asibiti," Yaya ta ce. "Sun ce wataƙila su riƙe ni. Ki zo da wuri, ki taya ni haɗa kaya."

"Zan zo."

Mijin ya leƙo ya tambaya ko a kawo ruwa. Yaya ta riga ta yi barci, rigar na jikinta rabi a buɗe. Auta ta ce masa a bari tukuna, ta zauna a ƙasa tana tsince guntayen zare daga kan zanen gado.